Allo Mai Giɓi Ɗaya da Tayil Mai Siffar L: Yadda Ake Kafa Hujjar Mataki-Mataki

Ka zana allo murabba'i mai gida takwas a tsaye, takwas a kwance, gida 64 ke nan. Ka rufe ido ka ɗora yatsa a kan gida ɗaya, duk inda ya faɗa, ka shafe shi da baƙi. Saura gida 63. A hannunka akwai tayil iri ɗaya tak, mai gida uku a lanƙwashe kamar harafin L, wato murabba'i mai gida huɗu da aka gutsure wa kusurwa ɗaya. Kana iya juya shi ta kowace fuska, amma ba ka da damar fasa shi, ko ka ɗora wani kan wani, ko ka bar shi ya leƙa wajen allo. Tambayar ita ce: za ka iya rufe gidaje 63 ɗin nan kaf, ban da wanda ka shafe?

Za ka iya, kuma ko ina yatsanka ya faɗa. Haka abin yake a allon 2 × 2, da 4 × 4, da 16 × 16, da duk allon da tsawon gefensa ya samu ta hanyar ninka biyu sau da sau. Masanin lissafi Solomon Golomb ne ya kawo wannan a wata maƙala da mujallar American Mathematical Monthly ta buga a 1954, kuma shi ya yaɗa sunan da ake kiran irin wannan tayil da shi, tiromino. Hujjar tasa gajeriya ce ƙwarai, ana iya rubuta ta a layi goma. Gajartar ce ma ke yaudarar ɗalibai, su haddace ta ba tare da sun ga inda ƙarfinta yake ba. Ni a ganina ƙarfin yana cikin kalma biyu, "kowane gida", kuma su zan fi daɗewa a kai.

Kafin komai, ka ɗauki takarda mai layi-layi da fensir. Wannan ba karatun da ake yi da ido kawai ba ne.

Rubuta da'awar yadda ya kamata

Hanyar da za mu bi ita ce wadda masana lissafi ke kira indakshan. A nan zan riƙa ce mata hujjar hawa-hawa, domin aikinta irin na tsani ne: ka nuna an taka matakin farko, sannan ka nuna duk wanda ya tsaya a wani mataki yana iya kaiwa na samansa. Idan waɗannan biyu suka tabbata, babu matakin da ba a kaiwa.

Abin da za a fara tantancewa shi ne mene ne matakan tsanin. A wannan matsala matakan ba tsawon gefen allo ba ne. Ba daga 4 × 4 ake zuwa 5 × 5 ba. Lambar da muke hawa a kanta ita ce n, kuma gefen allon shi ne 2^n, wato biyu ta ninka kanta sau n. Idan n = 1 gefen 2 ne, idan n = 2 gefen 4, idan n = 3 gefen 8, idan n = 4 gefen 16. Ƙarin ɗaya a kan n yana nufin gefen ya ninka, yawan gidaje kuma ya ninka sau huɗu. Na sha ganin takardar da mai ita ya rubuta "mu ƙara layi ɗaya a gefen allo", daga nan duk abin da ya biyo baya ya rushe, domin ya hau tsanin da ba shi ba.

Ga da'awar, a cike:

Ga kowace lamba n daga 1 zuwa sama, idan aka ɗauki allo mai girman 2^n × 2^n aka cire masa kowane gida ɗaya, ko wanne ne, to ana iya rufe sauran gidajen duka da tayil mai siffar L, ba tare da wani ya hau wani ba.

Daga nan zan riƙa kiran gidan da aka cire "giɓi".

Yana da kyau a yi ɗan gwajin ƙidaya tukuna, don a tabbatar ba a kama aikin banza ba. Kowane tayil gida uku yake ci, saboda haka dole yawan gidajen da suka rage ya rabu da uku ba saura. A 2 × 2 saura 3, tayil ɗaya. A 4 × 4 saura 15, tayil 5. A 8 × 8 saura 63, tayil 21. A 16 × 16 saura 255, tayil 85. Ƙidaya ba ta hana ba. Amma rashin hanawa daban, tabbatarwa daban, kuma can gaba za mu ga allon da ƙidayarsa ta yi daidai amma shimfiɗar ta gagara.

Harsashi

Idan n = 1, allon gida huɗu ne. Cire kowanne daga cikinsu, ukun da suka rage su ne ainihin siffar tayil ɗin, sai dai ka juya shi ya fuskanci inda ya dace. Hanyoyin cirewa huɗu ne, kuma duka huɗun sun yiwu. Harsashi ya zauna.

Kada ka raina wannan don sauƙinsa. A rubutunka ka faɗi cewa ka duba duka huɗun, tunda da'awar ta ce kowane gida.

Hawa daga mataki zuwa na sama

Yanzu mu ɗauka da'awar ta tabbata ga wata lamba k. Ma'ana, muna da tabbacin cewa duk allon 2^k × 2^k mai giɓi ɗaya yana shimfiɗuwa, ko ina giɓin yake. Wannan shi ne zaton da muke riƙe da shi, kuma shi kaɗai ne makaminmu. Abin da ake nema a wurinmu shi ne mu nuna haka ga allo mai gefen 2^(k+1).

To, an miƙo maka babban allon, da giɓinsa a inda mai miƙowa ya ga dama. Ba kai ka zaɓa ba.

Ka ja layi ɗaya a tsaye ta tsakiyar allon, ka ja wani a kwance ta tsakiya. Gefen 2^(k+1) ne, rabinsa kuwa 2^k ne cif, don haka allon ya kasu kwata huɗu, kowace kwata allo ce mai girman 2^k × 2^k. Girman da zatonmu ke magana a kai ke nan. Layukan sun bi ta tsakanin gidaje, ba su raba wani gida biyu ba, saboda haka giɓin yana cikin kwata ɗaya tak.

Kwatar da ke da giɓi ba ta da matsala, zato ya riga ya ɗauke mana ita. Sauran ukun ne abin tunani. Cikakku ne, ba su da giɓi, zaton kuwa bai ce komai ba game da cikakken allo. Hasali ma cikakken allon ba zai taɓa shimfiɗuwa ba, domin 4, 16, 64 da 'yan'uwansu ba sa rabuwa da uku. Kowace daga cikin ukun tana da gida ɗaya da ya yi mata yawa.

Ka tsaya a nan ka dubi wannan maganar da kyau. Kwata uku, kowacce tana neman a rage mata gida ɗaya. Gida uku ke nan. Tayil ɗinmu kuma gida uku yake rufewa. Abin da ya rage shi ne a sami wurin da kwatocin uku suka haɗa kafaɗa, yadda tayil ɗaya zai taɓa kowacce da gida ɗaya. Wuri ɗaya ne a duk allon: cibiyarsa, inda layukan biyu suka gitta juna. Gidaje huɗu ne ke kewaye da wannan mahaɗa, kowanne daga kwata daban.

Sai ka ɗora tayil ɗaya a cibiyar, ya rufe gidaje ukun da ke cikin kwatocin da ba su da giɓi, ka bar na huɗun, wato na kwatar da ke da giɓi, a buɗe. Wata hanyar tunawa ita ce bakin L ɗin, wurin da aka gutsure, ya kalli kwatar da giɓin yake.

Yanzu dubi abin da ya faru. Kowace kwata a cikin huɗun tana da gida ɗaya da ba ya bukatar rufi: ɗaya tana da giɓin asali, uku suna da gidan da tayil ɗin tsakiya ya riga ya rufe. A wurin kwatar duk ɗaya ne, ko cire gidan aka yi ko rufe shi aka yi, ba nata ba ne kuma. Muna da alluna huɗu masu girman 2^k × 2^k, kowanne da giɓi ɗaya. Sai mu yi amfani da zato sau huɗu. Tayil ɗin kowace kwata yana zaune cikin iyakarta, ba ya ƙetarawa, saboda haka ba mai hawa kan wani. Haɗa shimfiɗu huɗun da tayil ɗin tsakiya, babban allon ya rufu sai giɓin asali. Da'awar ta tabbata ga k + 1, kuma da harsashin da muka kafa, ta tabbata ga kowace n.

Mu yi shi da hannu a allon 8 × 8

Zan ambaci kowane gida da lamba biyu: ta farko layin kwance, ana ƙirgawa daga sama, ta biyu layin tsaye, ana ƙirgawa daga hagu. Mu ce giɓin yana (2,8), wato layi na biyu daga sama, a can ƙarshen dama.

Raba allon huɗu. Giɓin ya faɗa kwatar sama ta dama, wadda ta ƙunshi layukan kwance 1 zuwa 4 da na tsaye 5 zuwa 8. Gidajen cibiya su ne (4,4), (4,5), (5,4) da (5,5). Na kwatar sama ta dama shi ne (4,5), shi za mu bari. Tayil na farko, mu kira shi A, ya rufe (4,4), (5,4), (5,5).

Yanzu muna da alluna huɗu na 4 × 4, kuma kowanne za a yi masa abin da aka yi wa babban. Ɗauki na sama ta dama. Cibiyarsa ita ce (2,6), (2,7), (3,6), (3,7). Giɓinsa (2,8) yana cikin ƙaramar kwatar da ta ƙunshi (2,7), don haka a bar (2,7), tayil C ya rufe (2,6), (3,6), (3,7). A kwatar sama ta hagu giɓin shi ne (4,4) da A ya rufe, yana ƙasa ta dama, sai a bar (3,3), tayil B ya rufe (2,2), (2,3), (3,2). Haka za ka yi wa kwatocin ƙasa, ka sami D da E. Ga yadda allon yake a wannan gaɓa, X shi ne giɓi:

```
. . . . . . . .
. B B . . C . X
. B . . . C C .
. . . A . . . .
. . . A A . . .
. D . . . . E .
. D D . . E E .
. . . . . . . .
```

Ka yanka wannan hoton gida huɗu-huɗu, wato murabba'ai goma sha shida na 2 × 2, ka duba su ɗaya bayan ɗaya. Za ka tarar kowanne yana da harafi ɗaya tak a ciki da ɗigo uku. Wannan ne ma'aunin da za ka gane ko ka yi kuskure: idan ka ga murabba'in da ke da harafi biyu, ko wanda ba shi da ko ɗaya, to wani tayil na tsakiya ya kalli inda bai kamata ba, koma ka juya shi. Idan komai daidai ne, mun sauko kan harsashi, kowane ɗigo uku tayil ɗaya ne:

```
a a b b c c d d
a B B b c C d X
e B f f g C C h
e e f A g g h h
i i j A A k l l
i D j j k k E l
m D D n o E E p
m m n n o o p p
```

Ƙirga: A ɗaya, B zuwa E huɗu, ƙananan haruffa goma sha shida. Jimla 21, daidai da abin da ƙidaya ta faɗa tun farko. Ka lura da (2,7) da muka bari a buɗe ɗazu, tayil d ne ya zo ya rufe shi tare da (1,7) da (1,8). Gidan da aka bari a cibiya ba a manta da shi ba, an bar wa kwatarsa ne ta ji da shi.

Abin da nake so a wannan hujja shi ne ba ta tsaya ga cewa shimfiɗa tana yiwuwa ba, ta nuna maka inda za ka ajiye kowane tayil. Ba lalube, ba gwada-ka-warware. Shi ya sa masu koyar da rubuta manhajar kwamfuta ke kawo ta misali idan suna bayanin dabarar raba babban aiki zuwa ƙanana irinsa. Akwai kuma ribar ƙafa: yawan tayil a kowane mataki shi ne huɗun na matakin ƙasa a ƙara ɗaya, 1, 5, 21, 85, 341. Tunda tayil ɗin sun rufe gida 4^n − 1 uku-uku ba saura, mun tabbatar a kyauta cewa 4^n − 1 yana rabuwa da uku ko da yaushe.

Me ya sa "kowane gida" ya fi sauƙin tabbatarwa

Nan ne zuciyar maganar. Hankali yakan ba mutum cewa ƙaramar da'awa ta fi sauƙin karewa, wanda ya ɗauki kaya kaɗan shi ya fi saurin tafiya. A hujjar hawa-hawa sau da yawa akasin haka ne, kuma wannan allon yana nuna dalilin a fili.

A ce ba kowane gida ya dame ka ba. Abin da kake so kawai shi ne giɓin ya kasance ɗaya daga gidaje huɗun cibiya. Sai ka rubuta da'awarka daidai bukatarka: duk allon 2^n × 2^n da aka cire wa gidan cibiya yana shimfiɗuwa. Harsashi lafiya lau, domin a 2 × 2 kowane gida na cibiya ne. Ka zo hawa, ka raba huɗu, ka ɗora tayil a tsakiya. Yanzu kowace kwata tana da giɓi, amma a ina? A kusurwarta. Cibiyar babban allo kusurwa ce ga kowace kwata. Zatonka kuwa magana yake a kan giɓin cibiya kaɗai, bai san komai ba game da giɓin kusurwa. Ka tsaya cik. Da'awar gaskiya ce, amma ba za ta iya ɗaga kanta daga mataki zuwa mataki ba.

Dalilin shi ne, a wannan irin hujja da'awa tana aiki biyu a lokaci guda. Ita ce bashin da za ka biya a mataki na k + 1, kuma ita ce jarin da aka ba ka a mataki na k. Idan ka rage ta don bashin ya yi sauƙi, ka rage jarin da za ka biya da shi. Da muka ce "kowane gida", mun ɗora wa kanmu babban alkawari, amma mun sami zaton da ke karɓar duk giɓin da muka miƙa masa: na asali a inda ya faɗa, da ukun da muka ƙirƙira a kusurwa.

Don adalci, akwai ƙaramar da'awar da ke iya tsayawa da ƙafarta, wato ta giɓin kusurwa. Idan giɓin yana kusurwar babban allo, to yana kusurwar kwatarsa, sauran ukun ma giɓinsu a kusurwa yake, zato ya wadatar. Wanda ke son giɓin cibiya yana iya fara tabbatar da ta kusurwa, sannan ya yi amfani da ita sau huɗu. Saboda haka ba girman da'awa ne abin dubawa ba. Abin dubawa shi ne: bayan ka raba allon, ƙananan matsalolin da suka fito irin wadda ka rubuta a da'awar ce, ko wata iri ce? Idan wata iri ce, faɗaɗa da'awar har ta haɗiye su. Duk lokacin da hujjar hawa-hawa ta maƙale maka, wannan ce tambayar farko da za ka yi wa kanka.

Kuskuren da ya fi wuyar ganewa

Akwai wata hujja da ake yawan rubutawa wadda ta yi kama da daidai. Mai ita zai ce: "Ga allon 2^k × 2^k da na shimfiɗa. Zan kawo wasu uku masu giɓi a kusurwa, in jera su yadda giɓoɓinsu za su haɗu a tsakiya, in toshe da tayil ɗaya. Ga babban allo ya samu."

Zanen da zai fito iri ɗaya ne da namu, amma maganar ta juya baya. Shi ya gina wani babban allo da ya zaɓa, alhali da'awar ta ce duk wanda aka miƙo maka. Kafin hujjarsa ta cika sai ya ƙara nuna cewa kowane babban allo mai giɓi ana iya samunsa ta wannan ginin, kuma nuna hakan shi ne dai rabawar da ya tsallake. Hanyar da ba ta da haɗari ita ce a fara daga babba a sauko: "A ɗauki kowane allo mai gefen 2^(k+1) da kowane giɓi." Idan jimlar farko ta matakin hawanka ba ta yi kama da wannan ba, sake dubawa.

Shi kuma harsashi, ga abin da ke nuna ba ado ba ne. Dabarar tayil ɗin tsakiya ba ta damu da cewa gefen kwata 2^k ne ba. Abin da ta nuna a zahiri shi ne: idan allon m × m yana shimfiɗuwa da kowane giɓi, to na 2m × 2m ma haka. Gwada ta a jerin 3, 6, 12, 24. Matakin hawa yana nan daram, ba aibi. Amma 3 × 3 mai giɓi gida 8 ne, 6 × 6 gida 35, 12 × 12 gida 143, ba wanda ke rabuwa da uku. Tsanin lafiyarsa ƙalau, matakin farko ne babu, don haka ba wanda ya taɓa hawa.

Inda dabarar ta tsaya

Idan gefen allo yana rabuwa da uku, magana ta ƙare tun a ƙidaya, kamar yadda muka gani. Idan ba ya rabuwa da uku, gidajen da suka rage bayan cire ɗaya kullum suna rabuwa da uku. Nan ne mutum zai yi zaton ƙidaya ta isa hujja. Allon 5 × 5 ne ke ƙaryata wannan zato.

Gida 24 ne suka rage, tayil 8. Idan giɓin yana tsakiya, a (3,3), abin yana yiwuwa cikin sauƙi: tayil biyu idan suka rungumi juna suna ba da shimfiɗar 2 × 3, kuma irin wannan guda huɗu suna zagaye gidan tsakiya su cika allon. Amma matsar da giɓin zuwa (1,2), ka gwada. Za ka daɗe kana gogewa. Ga dalilin. Sa alama a duk gidan da lambobinsa biyu mara ne, wato 1, 3 ko 5:

```
* . * . *
. . . . .
* . * . *
. . . . .
* . * . *
```

Alamomi tara ne. Kowane tayil yana zaune ne cikin murabba'in 2 × 2, kuma duk murabba'in 2 × 2 da ka zana a wannan allo alama ɗaya tak zai ƙunsa. Ke nan tayil ɗaya ba zai rufe alama biyu ba. Tayil takwas, iyakarsu alama takwas. Idan giɓin bai faɗa kan alama ba, tara ne ke jiran rufi, kuma takwas ba za su iya ba. Gidaje goma sha shida daga cikin ashirin da biyar ke nan da idan aka cire su shimfiɗa ba za ta yiwu ba, duk da ƙidaya ta yi daidai.

Wannan yana shafar allon 10 × 10 ta wata hanya mai koyarwa. Raba shi huɗu, ka sami 5 × 5 guda huɗu. Idan giɓin asali yana (1,2), kwatarsa ba ta shimfiɗuwa, dabararmu ta gaza. Sai dai gazawar dabara ba ta nufin allon ya gagara, tana nufin dai a nemi wata hanyar yanka shi. I-Ping Chu da Richard Johnsonbaugh sun nuna a mujallar Mathematics Magazine a 1986 cewa duk allo murabba'i da gefensa ya wuce 1 kuma ba ya rabuwa da uku yana shimfiɗuwa da kowane giɓi, in ban da 5 × 5 kaɗai. Ke nan 7 × 7 yana yiwuwa, 10 × 10 ma haka. Da zarar ka karɓi 7 × 7 a matsayin sabon harsashi, tayil ɗin tsakiya zai ba ka 14 × 14 da 28 × 28 ba tare da ƙarin wahala ba.

Siffar tayil ɗin ma tana da hannu a nasarar. Da miƙaƙƙe ne, gida uku a jere, ba zai iya taɓa kwata uku a cibiya ba. Kuma a allon 8 × 8, miƙaƙƙen tayil yana rufe gida 63 ne kawai idan giɓin yana ɗaya daga wurare huɗu: (3,3), (3,6), (6,3) ko (6,6). Lanƙwasar L ɗin ce ta dace da mahaɗar kwatoci.

Yadda za ka rubuta ta a takarda

Idan ka zo rubutawa, fara da da'awar a cike, da kalmar "kowane gida" a cikinta, ka kuma faɗi cewa a kan n kake hawa. Kawo harsashin 2 × 2. Rubuta zaton shi ma a cike, kada ka taƙaita shi zuwa "mu ɗauka gaskiya ne ga k", domin mai dubawa yana son ganin ainihin abin da ka ɗauka. Sannan ka ɗauki babban allo da giɓin da ba kai ka zaɓa ba, ka raba, ka ɗora tayil ɗin tsakiya, ka faɗi a sarari cewa yanzu kowace kwata tana da giɓi ɗaya tak, ka ambaci cewa sau huɗu kake amfani da zaton. Idan kana son rage rubutu kana iya cewa giɓin yana kwatar sama ta dama, amma ka ƙara da dalilin: juya allon yana kawo kowace kwata wannan wuri, kuma tayil ɗin da aka juya yana nan a siffarsa. Zane yana taimakawa ƙwarai, sai dai zanen 8 × 8 misali ne na mataki ɗaya, jimlolin ne ke ɗauke da sauran matakan.

Kafin ka rubuta, zana allon 16 × 16, ka sa wani ya zaɓar maka giɓi. Tayil ɗaya a cibiya, sannan huɗu, sannan goma sha shida. A nan ka dakata ka duba murabba'an 2 × 2 guda 64, ka tabbatar kowanne gida ɗaya ne ya fita daga cikinsa, sannan ka cike su. Idan ka ƙirga a ƙarshe ka sami 85.